Yadda ake juya saƙo tsakanin daidaitacciyar Hausa da Sakkwatanci ba tare da ma'ana ta zube ba

Na daɗe ina wannan aiki ta fuska biyu. Wani lokaci a kawo mini sanarwa a rubuce, da Hausar littafi, a ce in mayar da ita yadda mai shela zai faɗa a kasuwar ƙauye a ƙasar Sakkwato. Wani lokaci kuma saƙon murya ne na wani dattijo, a ce in rubuta shi yadda ɗan Kano ko ɗan Bauci zai karanta ya gane. Da Sakkwatanci zan yi misali domin shi na tashi da shi, kuma yana cikin kare-karen da suka fi nisa da Hausar rubutu. Wanda ya iya wannan, hanyar ɗaya ce in ya koma kan Katsinanci ko Zazzaganci ko Damagaranci.

Abu ɗaya za ka riƙe kafin mu fara. Daidaitacciyar Hausa an gina ta a kan Kananci, amma ba Kananci ba ce tsantsa. Bakano ma cewa yake "rigam mata" da bakinsa, sai ya zo rubutu ya sa "rigar mata". Saboda haka kowa juyawa yake yi in ya ɗauki alƙalami, sai dai tazarar wani ta fi ta wani.

Kayan aiki

Takarda babba wadda za ka raba gida uku a tsaye, da biro kala biyu, baƙi da ja. Waya mai ɗaukar murya, wadda kuma take da haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ. Ƙamus, kuma a wannan aikin na Bargery na 1934 ya fi amfani, don yakan nuna kalmar da ta Sakkwato ce ko ta Katsina. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero kuwa shi za ka duba don tabbatar da yadda ake rubuta kalma a daidaitacce. Na ƙarshe, wanda ya fi su duka, mutum ɗaya haifaffen yankin da saƙon zai je, wanda bai ga takardar asali ba. Kada ka nuna masa ita, za ka ga dalili a mataki na shida.

In babu ƙamus, dattawa biyu sun isa, amma ka tambaye su a rarrabe don kada ɗaya ya bi bakin ɗaya. In kuwa ba ka da ɗan yankin ko ɗaya, kai ma ba ɗan can ba ne, to bar saƙon da daidaitacciyar Hausa mai sauƙi. Rediyo ya sa kowa yana jin ta. Sakkwatancin kwaikwayo kuwa dariya yake jawowa, wasu ma su ɗauka ba'a kake musu, sai a bar saƙon ana maganar bakinka.

Mataki na 1: fitar da ƙashin saƙon

Ga sanarwar da za mu yi aiki da ita, irin wadda ƙungiyar manoma takan bayar:

"Ana sanar da manoman gyaɗa cewa za a raba iri ranar Laraba da ƙarfe goma na safe a ƙofar gidan dagaci. Duk wanda ya biya kuɗin rajista ya zo da takardarsa. Wanda bai biya ba kada ya aiko ɗansa, ya zo da kansa. Waɗanda suka karɓa bara ba za a ba su ba sai sun dawo mana da buhunan da aka ba su. Mudu biyar ne rabon kowa."

Kwafe ta a gida na farko. Sai ka ɗauki jan biro ka ja layi a ƙarƙashin abin da in ya canza wani zai yi asara: wane iri, wace rana, ƙarfe nawa, gidan wa, mudu nawa, da kowane "ba" da "kada" da "sai". A gida na tsakiya ka jera su a gajarce. Gyaɗa. Laraba, goma na safe. Gidan shugaban ƙauye. Wanda ya riga ya biya: takarda. Wanda bai biya ba: shi da kansa. Na bara: buhu tukuna. Mudu 5.

Wannan gida na tsakiya ba Kananci ba ne, ba Sakkwatanci ba ne. Shi za ka auna aikinka da shi a ƙarshe. Sababbin hannu sukan tsallake shi don suna ganin ɓata lokaci ne, su faɗa kai tsaye cikin "hwa" da "hi".

Mataki na 2: farauto kalmomin da ke da fuska biyu

Kalmar da babu ita sam a ɗaya karin ba ta da hatsari sosai. In ka rubuta "mussa" Bakano zai tsaya ya tambaya, a ce masa kyanwa ce, shi ke nan. Haka "habdi" da toka, ko "kudaku" da dankali. Mai hatsarin ita ce kalmar da kowa ya sani amma kowa da abin da yake nufi da ita, domin babu wanda zai tsaya tambaya.

A sanarwarmu akwai biyu. Ta farko gyaɗa. A Sakkwato "gujjiya" ake ce mata. Amma in Bakano ya ji gujiya ko gurjiya, wata aba yake gani, mai ƙwaya ƙulu-ƙulu da ake dafawa, wadda a yamma, wato ɓangaren Sakkwato, ake kira kwaruru. To in kana tafiya daga rubutu zuwa Sakkwatanci, gyaɗa ta zama gujjiya. In kana dawowa, dole ka mayar da ita gyaɗa, ba ka gyara rubutun ta zama "gurjiya" ba. Na taɓa yin wannan kuskure ina sabon hannu, a wasiƙar wani manomi zuwa ga dillalinsa. Na ga "gujjiya buhu shida", na ce ai gyaran rubutu ne kawai. Sai da dillalin ya aiko yana tambayar yaushe mutumin ya fara noman abin da bai taɓa kawo masa ba.

Ta biyu dagaci. A tsarin sarautar Kano hakimi ne babba mai gunduma, dagaci yana ƙarƙashinsa. A ƙasar Sakkwato mai gunduma uban ƙasa ne, shugaban ƙauye kuma shi ake ce wa hakimi. Ka ga in ka ɗauko "gidan hakimi" daga bakin Basakkwace ka ajiye shi haka a takardar da za a karanta a Kano, ka ɗaga taron daga ƙauye ka kai shi hedikwatar gunduma. Inda na ga alamar ruɗu nakan sa sarautar mutumin da aka san shi da ita, ko in ce "mai gari".

Sai "kwana". Basakkwace in ya ce "shina kwana" barci yake nufi, ko da rana tsaka ne. A daidaitacciyar Hausa kwana shi ne dare ya wuce a kanka a wuri. Wannan za mu sake haɗuwa da shi.

Mudu kuwa kada ka taɓa shi. Ko da mutanen wurin da tiya suke awo, tiya ba mudu ba ce. Ma'auni da kuɗi ba a juya su da sunan karin harshe. In saƙon zai tsallaka Nijar abin ya fi tsanani, don can da dala ake ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar, wanda ya ce maka "ɗari" sefa 500 yake nufi, jika kuma sefa 1000. A nan sai ka koma wajen mai saƙon ka tambaye shi adadin, ka faɗe shi yadda ba ya da fassara biyu.

Mataki na 3: ƙananan kalmomi

Nan ne aikin yake, kuma nan zan fi daɗewa.

Dubi jimla ta biyu: "Duk wanda ya biya kuɗin rajista ya zo da takardarsa." Akwai "ya" biyu, kuma a rubuce kamarsu ɗaya. Na farko labari ne na abin da ya riga ya faru. Na biyu umarni ne. Mai karatu da murya yake rarrabe su, alƙalami bai nuna ba. Sakkwatanci kuwa ya raba su sarai. Na umarni "shi" ne: "shi zaka da takardatai". Na labari bayan "wanda" ko "da" kuma yakan ninka baƙin da ke biye: "wanda yab biya", "da yat tahi", "abin da nig gani". Saboda haka kowane "ya" da ka tarar a takarda, tsaya ka tambayi kanka: an riga an yi, ko so ake a yi? In so ake a yi, "shi". Wanda ya bar "ya zaka da takardatai" ya gaya wa jama'a cewa mutumin ya riga ya zo, umarnin ya ɓace.

Jam'i ya fi sauƙi. Muka, kuka, suka, aka su ne munka, kunka, sunka, anka. "Yana" ya zama "shina". "Me kake so" ya zama "mi kaka so".

Sai mallaka. "Takardarsa" takardatai ce, "ɗansa" ɗanai, "kansa" kainai. Namiji "-nai", mace "-tai", kuma jinsin abin da aka mallaka ake dubawa, ba na mai shi ba. Gidanai, matatai.

"Wa" na "faɗa wa Audu" yakan koma "ma". "Masa" ya koma "mai". "Mana" kuwa "muna" ne, kuma a nan mai juyawa zuwa rubutu yakan yi tuntuɓe, don a daidaitacciyar Hausa "muna" na "muna zuwa" ne kawai. Dabarar ita ce ka dubi wurin zamansa. In ya zo bayan aikatau, kamar "maido muna", to "mana" ne. In shi ya buɗe magana, "muna jira", ka bar shi yadda yake.

Na ƙarshe, wanda ya fi kowanne cin mutane: "ne" da "ce" a Sakkwatanci "na" da "ta" ne. "Mudu biyat na." "Mota ta." A kunne akwai bambanci tsakanin "mota ta", wato mota ce, da "motata", wato tawa. A takarda kuwa tazara ɗaya ce tak tsakaninsu, kuma yawancin masu rubutu a waya ba su kula da tazarar. Ƙa'idar rubutu ta ce mallaka a haɗe take, motata, gidana, "ne" da "ce" kuwa a ware. Ka riƙe wannan da ƙarfi ko da Sakkwatanci kake rubutawa.

Mataki na 4: sauti

Wannan shi mutane suka fi sani, shi ya sa na bar shi baya. "F" yakan zama "hw" kafin "a", ya zama "h" kafin sauran wasula: hwaɗa, ƙohwa, tahi, sahe, ƙarhe, lahiya. Inda Kano ke da "u" a tsakiyar wasu kalmomi, yamma ta riƙe tsohon baƙin: zamna, amre, sabka, ɗamre. Harshe halshe ne, biyar biyat, kuɗi kuɗɗi, duk kuma dut. "-r" ta mace tana narkewa cikin baƙin gaba, ƙohwag gida, rigam mata.

Gargaɗi ɗaya: kada ka mayar da wannan injin niƙa. Ba kowane "au" ne ke komawa "am" ko "ab" ba. Kalmar da ba ka taɓa ji a bakin mutanen ba, bar ta. Sunayen mutane da na wurare da na magani kuwa, a takarda ka bar su yadda masu su ke rubutawa, mai shela ya furta da bakinsa.

Mataki na 5: faɗe shi da baki kafin ka rubuta

Yanzu kife takardar asali. Dubi gida na tsakiya kawai, ka kunna waya, ka faɗi saƙon kamar kana tsaye bakin kasuwa. Abin da ya fito shi za ka rubuta a gida na uku. In ka bi jimla-jimla daga takarda, za ka samu Hausar ofis sanye da hular Sakkwato. Babu mai shelar da ke cewa "ana sanar da... cewa". Ga abin da ya fito mini:

"Jama'a ku saurara! Manoman gujjiya, za a rabon iri ran Laraba, ƙarhe goma na sahe, ƙohwag gidan hakimi. Dut wanda yab biya kuɗɗin rajista, shi zaka da takardatai. Wanda bai biya ba, kada shi aiko ɗanai, shi zaka da kainai. Waɗanda sunka amsa bara kuwa, ba za a ba su ba sai sun maido muna buhunnan da anka ba su. Mudu biyat na rabon kowa. Ran Laraba, ƙarhe goma."

Na ƙara kira a farko, na maimaita rana da lokaci a ƙarshe. Wannan halal ne, don mai sauraro ba ya iya komawa layin sama. Abin da ba halal ba shi ne ƙarin da ke da nauyi. In bakinka ya zame ka ce "kowa shi zaka da wuri kada shi rasa", ka sa wa mutane tsoron cewa irin ba zai isa ba, alhali takardar ba ta faɗa ba. Haka in don ladabi ka sassauta "kada shi aiko ɗanai" ya zama "da dai shi zaka da kainai ya hi", ka mayar da doka shawara, kuma ranar Laraba za ka ga yara a layi.

Ka lura ban taɓa "ba za a ba su ba" ba. A magana akan gajarta irin wannan, amma korewa ce mai "ba" a gaba da baya, ga kuma "ba" na bayarwa a tsakiya. In ɗaya ya faɗi a hayaniyar kasuwa, sai a ji kamar za a ba su. Inda korewa ta haɗu da sharaɗi nakan bar ta da tsawonta.

Mataki na 6: gwaji

Kira mutumin nan da bai ga asalin ba. Karanta masa gida na uku sau ɗaya, da saurin da mai shela zai yi. Kada ka tambaye shi ko ya gane, don zai ce ya gane. Tambaye shi: in kai ne ba ka biya ba, me za ka yi ran Laraba? Gidan wa za ka? Kai da ka karɓa bara, me za ka riƙo? Kana ji kana duba gida na tsakiya, kana sa alama. Duk inda amsarsa ta kauce, laifin jimlarka ne, koma ka gyara ta.

In babu mutum a kusa, ajiye aikin ya kwana, da safe ka saurari muryar da ka ɗauka ka rubuta ƙashin saƙon daga abin da ka ji, ka gwada da na jiya. Bai kai na mutum ba, amma yana kama kuskuren adadi da na rana.

Mataki na 7: dawowa daga baki zuwa rubutu

Hanyar ɗaya ce a juye, da ƙari ɗaya: ka fara rubuta abin da aka faɗa daidai yadda aka faɗe shi, kafin ka daidaita komai. Wanda ke saurare yana daidaitawa a lokaci guda, kunnensa yakan ji abin da ya saba ji. Ga saƙon murya irin wanda nakan samu:

"Ka hwaɗa ma Malam ɗiyan Audu sun zaka jiya. Mun ishe shi shina kwana, shi yas sa ba mu tashe shi ba. Akuya ta munka kawo mai, ba tunkiya ba. In ya tashi shi aiko muna kuɗɗin mota."

Tarko huɗu ne a cikin waɗannan layuka. "Ɗiya" a yamma tana iya zama 'ya mace ɗaya, tana iya zama 'ya'ya, karin sauti ne ya raba su kuma ba a rubuta shi. Abin da ke biye zai gaya maka: "ɗiyan Audu sun" jam'i ne, da mace ɗaya ce da ka ji "ɗiyat Audu ta". "Shina kwana" barci ne. "Akuya ta" kuwa akuya ce, kuma "ba tunkiya ba" da ya biyo baya ya tabbatar, don ana bambanta dabba da dabba ne, ba mai ita da wani ba. Wanda ya rubuta "akuyata" ya sa dattijon ya yi kyautar da bai yi ba. Na huɗu shi ne "shi aiko". In ka mayar da shi "ya aiko" kawai, ka jefa shi cikin ruɗun nan na "ya" biyu, sai ka tallafe shi da "sai":

"Ka faɗa wa Malam 'ya'yan Audu sun zo jiya. Mun tarar yana barci, shi ya sa ba mu tashe shi ba. Akuya ce muka kawo masa, ba tunkiya ba. Idan ya tashi, sai ya aiko mana da kuɗin mota."

In muryar ta Bazazzagi ce ko ta Hausawan zango a Gana, tarkon wani ne daban. A can jinsin mace yakan ɓace, a ce "mota ne", a ce "matan Audu" ana nufin mace ɗaya. A daidaitacciyar Hausa "matan Audu" sun kai biyu ko fiye. Kafin ka rubuta "matar" ko "matan", saurari abin da ya biyo, in bai warware ba ka buga waya ka tambaya. Saƙon rasuwa ko na rabon gado ba a yi masa kirdado.

Akwai kuma inda ba a daidaitawa sam. Maganar shaida da za a kafa hujja da ita, baitin waƙa, kirari, da karin magana, waɗannan ka sa su cikin alamar zance yadda suka fito daga baki, sa'an nan ka yi bayani a ƙasa da Hausar rubutu. Baiti in ka mayar da "sunka" "suka" ka rage masa nauyin gaɓa, karin waƙar ya karye. Shaida kuwa in ya ce "shina kwana", rubuta "shina kwana", ka bi shi da bayanin cewa barci yake nufi, don gobe wani zai iya tambayar ko mutumin a gidan ya kwana ko barcin rana aka same shi yana yi.